Ɗan Gwaggona Da Layin Da Ya Zame

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma taubashina ya riga ni, shi da bai taɓa riga ni komai ba sai shiga aji. Ranar Talata da hantsi muka kai shi makwancinsa a garinmu da ke gefen Sandamu. An cika. Ni da nake zaton daga ni sai limami sai masu haƙar kabari, sai ga motoci daga Daura, daga Dutsi, har da wani mai ƙaton ciki da ya ce ɗalibinsa ne, yana kuka yana share hanci da hannun babbar rigar da kuɗinta zai sayi keken ɗinkina sau uku.

Kowa da abin da ya ce a zaman makoki. Limami ya ce mutum ne mai gaskiya. Ƙanensa ya ce tun da yake bai taɓa ganinsa ya makara ba. Tsofaffin malaman da suka yi aiki tare suka ce ya wahalar da su, Allah ya jiƙansa, kuma na ga alamar duka biyun daga zuciyarsu suka fito. Matarsa kuma ta aiko aka ce mini in ci abinci. Autata kuwa, wadda yanzu 'ya'yanta huɗu, ta yi kukan da sai da uwarta ta fitar da ita bayan ɗaki. Mutane suka yi ta mamaki, don duk garin an san abin da ya yi mata.

Ni kaɗai ban ce uffan ba. Aka yi ta zungurina: “Tela, kai ne abokin wasansa, ba za ka ce komai ba?” Na ce maƙogwarona ke ciwo. Ƙarya nake. Shi ya sa na sayi littafi mai layi da biro, na zauna rubuta wannan. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, a aji huɗu na firamare na tsaya, kuma mai gyara mini ya tafi.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina ce ta haife shi, wata bakwai tsakaninmu. Don haka tun muna yawo ba wando nake sanar da shi cewa ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Da ya yi boko ya samo amsa. Duk sanda na ce masa, “Kai bawa, zo ka ɗauki takalmina,” sai ya gyara tabarau ya ce, “A kawo takardar mu gani.” Wannan ce maganarsa a kan komai. Ka ce masa an yi ruwa a Zango, a kawo takardar. Ka ce masa gero ya yi tsada, a kawo takardar. Ranar da matarsa ta haihu aka zo aka ce masa namiji ne, na rantse a majalisa cewa sai da ya nemi takarda. Bai musa ba, sai cewa ya yi, “Jahili ko rantsuwa ya yi, sai an duba.”

Ni yake kira Farfesa. In ya zo shagona sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Farfesa, an gama binciken wandon nan kuwa, ko sai an kai shi ƙasar waje?” Ni kuma ina kiransa Alli, saboda ko ranar Sallah in ka buga kafaɗarsa sai farar ƙura ta tashi. Dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe. Aljihunsa ba ya rabuwa da jan biro da guntuwar rula ta katako. Da rular nan yake auna aljihun da na ɗinka masa, ya ce na dama ya fi na hagu da rabin inci. Shekara talatin ina masa ɗinki, bai taɓa karɓar riga bai auna ba, bai kuma taɓa kai wa wani telan ba.

Lissafi yake koyarwa a ƙaramar sakandaren garinmu. Bayan an ƙaddamar da shari'a aka raba aji, maza daban mata daban, aka ba shi ajin 'yan mata na shekara ta uku, inda autata take. Yarinyar tana da kai, ban san inda ta samo shi ba, uwarta dai ta ce ba wajena ba ne. Burinta ta zama likita. Hanyar kuwa ɗaya ce ga ɗiyar tela: makarantar kimiyya ta 'yan mata. A shekarar, fom uku kacal aka ba makarantarmu na jarrabawar shiga can, aka ce a ba ta ɗaya da ta biyu da ta uku a sakamakon zango na biyu.

A da, da hannu ake haɗa sakamako. Kowane malami ya kawo takardar makinsa, gwaji talatin, jarrabawa saba'in, malamin aji ya kwafe a babbar takarda, ya tara, ya jera. A shekarar ne shugaban makaranta ya ce an ci gaba, ya kwashi takardun ya kai wani shagon kwamfuta a Daura. Suka dawo fes, an buga, ba gogewa ba kankarewa. Aka liƙa a allon sanarwa, aka raba wa yara katinsu, aka aika sunaye uku ofishin ilimi na shiyya.

Autata ce ta ɗaya. Maki ɗari bakwai da arba'in da biyu cikin dubu.

Jama'a, na yi hauka. Na yanka bunsuru. Na ɗinka mata atamfa a yini ɗaya na bar kayan mutane. Na bi majalisa uku ina sanar da cewa ɗiyar ɗan aji huɗu ta taka 'ya'yan masu tabarau. Na aika a kira mini bawana ya zo ya ci nama ya ga ikon Allah. Ya zo da la'asar a kan kekensa, yana murna har kunne, don shi ma ganin allo kawai ya yi, sunan da ke sama ya duba. Ya zauna, ya ɗauki haƙarƙari, ya ce, “To Farfesa, a kawo takardar mu gani.”

Na miƙa masa katin da hannu biyu. Ya bi da yatsa yana taunawa. Hausa, Turanci, addini. Da ya zo kan lissafi sai bakinsa ya tsaya. Tamanin da takwas. Ya ajiye haƙarƙarin a kwano, ya goge hannu, ya kira yarinyar.

“'Yata, tambaya ta biyar, ta fili mai kusurwa uku, kin amsa ta?”

Ta sunkuyar da kai. “Ban kai wurin ba, Baba. Lokaci ya ƙare.”

“Ta shida fa?”

“Rabi na yi.”

Ya ce ta tafi. Na ce, “Kai Alli, hassada ce ta hana ka cin naman?” Ya ce ya ƙoshi. Ya hau keke ya tafi bai ko auna sabuwar atamfar ba.

Kwana biyu ban gan shi ba. Ran na uku bayan azahar ya zo shago da takardu a hammata. Bai ce Farfesa ba. Ya ce, “Ɗan'uwa, rufe keken nan, zo ka karanta mini.” Ya shimfiɗa takarda biyu a kan teburin yanka: tasa ta hannu, da ta kwamfuta. Ya ɗora rula a ƙarƙashin layin farko na kowace, ya ce in karanta suna da makin lissafi a nan, in karanta a can.

Na fara. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai. Har ta goma sha ɗaya komai daidai. Na ce, “To ina matsalar? Ka tashe ni daga aiki don ka gwada karatuna?”

“Ci gaba.”

A lamba ta goma sha biyu, sunan da ke takardar kwamfuta daban, wanda ke takardarsa daban. Makin kuwa ɗaya.

Sai ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi wa daƙiƙan aji. A rajista yara arba'in da shida ne. Ta goma sha biyu ta bar makarantar a tsakiyar zango, an yi wa ubanta canjin wurin aiki, amma ba a cire sunanta daga rajista ba. Sauran malamai tara duk sun bar layinta sun ja ɗan gajeren layi a wurin maki. Shi kuwa, mai tsabta, da ya zo kwafe takardarsa a sabuwa sai ya cire ta, ya sake lamba, tasa ta zama arba'in da biyar. Mai bugawa a Daura ya riga ya zuba sunaye arba'in da shida daga rajista. Da ya zo kan lissafi bai duba suna ba, lambobi kawai yake bi daga sama zuwa ƙasa. Sai ya ba wadda ta tafi makin ta goma sha uku, ya ba ta sha uku makin ta sha huɗu, haka har ƙasa. Kowace ta ɗauki na wadda ke ƙarƙashinta. Ta ƙarshe ba abin da ya rage mata, kwamfuta ta lissafa mata sifili.

“Ka ga shaida,” in ji shi. “Yarinyar da ba ta ko shiga ɗakin jarrabawa ba, ga ta da sittin da ɗaya a lissafi. Ta ƙarshen nan kuma, da idona na ga ta rubuta, ta ci hamsin da bakwai. An ce mini ubanta ya hana ta fita kwana uku saboda sifilin.”

Ni dai idona na kan lamba ta ashirin da uku. Ya sauko da rular. A takardarsa autata hamsin da biyu ta ci. Tamanin da takwas ɗin na yarinyar da ke ƙarƙashinta ne, ɗiyar wani maƙeri daga ƙauyen da ke hanyar Dutsi, wadda ita kuma aka liƙa mata talatin da biyar na wata.

Na ce, “To. In an gyara, ta nawa za ta zama?”

Ya riga ya tara. Ya ma je sito ya kwance ɗaurin takardun amsa, ya gwada kowace da makin da ya rubuta, kada a ce shi ne ya yi kuskuren kwafe. Ya duba sauran darussa tara, layi bayan layi, lafiyarsu lau. In an cire talatin da shida daga na autata, saura ɗari bakwai da shida. In an mayar wa ɗiyar maƙeri hamsin da ukunta, daga ɗari shida da saba'in da ɗaya ta koma ɗari bakwai da ashirin da huɗu, ta tashi daga ta tara zuwa ta biyu. Sauran biyun da ke sama sunayensu na cikin goma sha ɗayan farko, ba abin da ya taɓa su: ɗari bakwai da talatin da ɗaya, da ɗari bakwai da goma sha biyar.

“Ta huɗu,” in ji shi.

Fom uku ne.

Na tashi na saki labulen shago. Na ce, “Wa ya sani?”

“Ni da kai.”

“To mu bar shi ni da kai.”

“Da Allah.”

“Kada ka kawo mini wa'azi, ba limami ba ne kai. Maƙerin nan ya san ta tara daga ta biyu? Ko an ba 'yarsa fom, ka tabbata zai bar ta ta tafi makarantar kwana? Wannan 'yarka ce fa. Kai ka yi mata huɗuba ranar da aka haife ta.”

Ya ce, “Na sani. Kwana biyu ina neman inda na yi kuskure a lissafin, ko Allah zai sa in samu. Ban samu ba.”

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙonsa ko allura ba, na kama gefen rigarsa. Na ce ya gyara na kowa ya bar na sama. Ya ce maki tamanin da takwas guda ɗaya ne, ba zai zauna a gida biyu ba. Ya naɗe takardunsa, ya ce ya zo ne don kada in ji a bakin wani.

Shugaban makaranta ma bai so ba, daga baya na ji. Ya ce sunaye sun riga sun tafi ofis, za a ce makarantarsa ba ta san aikinta ba, a bari a gyara a zango na uku. Taubashina ya ce kafin zango na uku an gama jarrabawar. Ya rubuta takarda da hannunsa cewa shi ne ya cire suna bai sanar ba, laifin nasa ne, ya sa hannu, shugaba ya sa nasa a ƙasa yana tsaki. Ya kai ofis da kansa tare da takardun amsa na yaran da abin ya shafa. Aka ba shi takardar gargaɗi, ita kaɗai ya taɓa samu a aikinsa. Ya karɓo katin yara arba'in da biyar, wasu sai da ya bi su gida a keke. Ya sake tara jimla, ya sake raba matsakaici, ya sake jera matsayi tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ya sa malamai biyu suka bi bayansa suna dubawa. Sannan ya liƙa sabon a allo kusa da tsohon, ya ja jan layi a kan tsohon, bai yage shi ba. Gidan yarinyar da aka ba sifili ya fara zuwa, ya durƙusa ya ba ubanta haƙuri.

Ranar da autata ta dawo da sabon kati, ta cire atamfar ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Ba ta yi kuka a gabana ba. A majalisa kuwa an samu abin yi. Wani ya tambaye ni ko za a mayar wa bunsurun da ransa.

To ga abin da na yi, kuma saboda shi nake wannan rubutun. Ban zage shi ba. Ban daina gaishe shi ba, kada gwaggo ta ji ta tsine mini. Na yi abin da ya fi wannan muni. Da ya zo shago bayan mako guda ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Farfesa, an gama binciken?” sai na miƙe tsaye, na cire hula na mayar, na ce, “Sannu da zuwa, Malam. Ranka ya daɗe. Me za a ɗinka?”

Ya yi dariya, ya zaci sabon wasa ne. Na kawo masa kujera na goge ta. Sai dariyar ta tsaya.

Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba. Mutumin da ka tashi kana zagi tun ba ku san kunya ba, ranar da ka ce masa ranka ya daɗe ka kore shi daga gidanku. Na san haka, don haka na yi.

Ɗiyar maƙeri ta je ta zauna jarrabawar, ba ta ci ba. Wallahi na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na tare shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, na ce cikin ladabi, “Malam, an ce ɗalibarka ba ta samu ba. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ya dube ni ya ce, “Ban ce za ta ci ba. Na ce kujerar tata ce.” Ya sa takalmi ya tafi.

Autata ta ci gaba a babbar sakandare ta jeka-ka-dawo, inda ba ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta zama likita ba. Tana koyarwa a firamare, kuma ba zan yi ƙarya in ce ta manta ba, don har yau in an yi maganar asibiti sai ta yi shiru. Taubashina ya aiko zai riƙa koya mata lissafi kyauta, na ce a gode wa Malam, ba ma buƙata. Ashe uwarta tana tura ta wurinsa duk Asabar da sunan kai wa gwaggo tuwo. Shekara uku ana kai tuwon nan. Ni kaɗai ne ban sani ba a gidan, ni Farfesa.

Shekara goma sha shida muka yi a haka. Muna haɗuwa a suna da biki da jana'iza. Ya ci gaba da kawo ɗinki, ina yi masa da kyau, aljihu daidai da aljihu, don kada ya sami abin cewa. Ya kan gwada ni lokaci lokaci. Ya ce, “Kai, wannan furfurar taka ta jahilci ce ko ta tsufa?” In ce, “Ta tsufa ce, Malam.” Tun ina yi da fushi har fushin ya ƙare, ya zama ban san hanyar komawa ba. Sau nawa na shirya zagi mai kyau tun daga gida, in na gan shi sai bakina ya ce ranka ya daɗe.

Da ciwon ya kwantar da shi na je ranar Litinin da safe. Yana kan katifa a zaure, ya zama ƙashi da fata, wuyan nan ya ƙara tsawo. Na zauna. Na ce, “Sannu, Malam. Ya jiki?”

Ya ce wa matarsa ta ba mu wuri. Ya daɗe yana kallona ba tabarau.

“Ɗan kawu,” ya ce, “in da za a sake, haka zan sake yi. Ba zan yaudare ka ba. Amma na gaji da Malam ɗin nan. Kowa Malam, likita Malam, matata Malam. Ka zage ni mana. Sau ɗaya.”

Ga shi nan a bakina. Na ga wuyan, na ga ƙafafun kamar sandar rake, zagi goma suka zo mini a lokaci guda, kowane ya fi wani daɗi. Amma na ga in na buɗe baki kuka ne zai fito, ni kuma ban taɓa kuka a gabansa ba. Na ce a raina gobe zan dawo da shiri, in yi masa wanda zai sa ya tashi zaune.

Na ce, “Allah ya ba ka lafiya, Malam.”

Ya rufe ido. Ya ce, “Amin.”

Da asubar Talata aka buga mini ƙofa.

Jama'a sun ce a yafe masa, na ce na yafe tare da kowa, kamar ni ne aka yi wa laifi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa lissafinsa ya zo da sauƙi, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Kai kuma, bawan gidanmu, mummuna, mai wuyan zalɓe, mai kan taurin tsiya, wanda ya ci naman bunsuruna ya tashi ya kunyata ni a gari: kai ne da gaskiya, tun ranar na sani. Ka ji? Na zage ka. Tashi ka rama.